Taken imel ga wanda bai san ka ba: darasi daga fataucin zoɓo

Wanda ya duba akwatin imel ɗinsa a waya abu uku yake gani game da kowane saƙo kafin ya taɓa shi: sunan wanda ya aiko, taken saƙon, da 'yan kalmomin farko na cikinsa. Idan ya san mai sunan, ba ya damuwa da taken, ko babu take ma zai buɗe. Idan kuwa bai taɓa jin sunan ba, nauyin duka ya koma kan wannan ɗan layi da ake rubutawa a gurbin `Subject`. A kansa zai yanke shawarar buɗewa, ko gogewa, ko kuma danna maɓallin da ke shaida wa kamfanin imel cewa wannan saƙon shara ne. Duk wannan kafin ya karanta jimla ɗaya daga cikin abin da aka ɓata dare ana tsarawa.

Mutanenmu da yawa suna aika irin wannan saƙo: ɗalibi mai neman farfesan da zai duba bincikensa a ƙasar waje, matashiya mai neman aiki, ɗan kasuwa mai neman mai saye. Zan bi misali ɗaya har ƙarshe, domin a cikin misali ɗaya ake ganin inda ake tuntuɓe. A ce akwai wani ɗan kasuwa a Dawanau da ke Kano, yana tara busasshen zoɓo daga Jigawa, ya yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Nijeriya, yana da abin da zai cika kwantena ɗaya mai ƙafa 40, wato kimanin tan 12. Ya gaji da sayar wa dillalai, yana son ya kai ga mai saye kai tsaye. Ya binciko wani ƙaramin kamfani a Amurka mai haɗa ganyen shayi, ya ga a shafinsu akwai wani shayi na 'ya'yan itatuwa da zoɓo ne farkon abin da aka lissafa a cikinsa, ya kuma samo adireshin matar da ke saya wa kamfanin kaya. Kayansa na gaskiya ne, niyyarsa mai kyau ce. Saura take.

Abin da ya fara zuwa masa a rai, kuma shi ne abin da ke fara zuwa wa yawancinmu, shi ne wannan:

```
BUSINESS PROPOSAL FROM NIGERIA - URGENT!!!
```

A wurinsa wannan magana ce ta girmamawa da muhimmanci. Tayin kasuwanci ne, daga Nijeriya yake, kuma yana so a duba da wuri. A wurin matar nan kuwa, kowace kalma a layin ta taɓa ganinta, kuma ba a wuri mai kyau ba. Tun zamanin wasiƙar takarda da fas, kafin imel ya yaɗu, 'yan damfarar da ake kira 419, daga lambar sashen dokar laifuka ta Nijeriya da ya haramta zamba cikin aminci, da irin waɗannan kalmomi suke buɗe saƙonninsu: tayin kasuwanci, gaggawa, sirri, gaisuwa mai tsawo ga wanda ba a ambaci sunansa ba. A shekarar 2012 wani mai bincike a kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya rubuta takarda yana neman dalilin da ya sa 'yan damfara, har waɗanda ba 'yan Nijeriya ba, suke ci gaba da ambaton Nijeriya alhali kowa ya san labarin. Bayaninsa shi ne da gangan suke yi. Aika saƙo ba ya cin kuɗi, amma bibiyar wanda ya amsa tana cin lokaci, don haka sun fi son saƙon da duk mai wayo zai watsar tun farko, ya rage sai wanda ya fi sauƙin yaudara. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwarmu mai ɗaci ce: ya ari salon da aka ƙera musamman domin mai hankali ya guje shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma kamfanoni da yawa a yau suna horar da ma'aikatansu su yi shakkar duk saƙon baƙo da ke cewa a yi sauri.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu Hausawa kai tsaye. Tarbiyyarmu ta ce ba a shiga magana sai an gaisa, kuma wanda ya faɗi buƙatarsa kafin ya tambayi lafiya ana ganin ba shi da ladabi. Shi ya sa za ka ga an rubuta `Greetings` ko `Dear Sir/Madam` ko `Good day` a gurbin take. Ladabi ne, amma an ajiye shi a inda ba a karanta shi a matsayin ladabi. Gurbin take kamar rubutun da ake yi a jikin buhu ne a tashar mota: abin da ke ciki da wanda za a kai wa. Ba wanda ke rubuta gaisuwa a jikin buhu, kuma yaron mota ba ya ɗaukar hakan rashin kunya. Gaisuwa tana da wurinta a cikin saƙon, gajeriya, tare da sunan mutumin. Ko da Hausa ake rubutu, zuwa ga wani manaja a Kano ko Maraɗi, "Neman izinin kawo samfurin zoɓo ranar Talata" ya fi "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe" amfani a matsayin take, sallamar kuma ta zo a layin farko inda ya dace da ita.

Alƙalai biyu

Kafin saƙo ya kai ga idon mutum sai ya wuce ta matata, wato na'urar da ke tace saƙonni. Google ya ce Gmail yana tare saƙonnin da ba a so kusan biliyan 15 a kowace rana. Tsofaffin matatu, irin su SpamAssassin da har yanzu ake amfani da ita a kan na'urorin kamfanoni da dama, maki suke bayarwa: kowace alamar shakka tana da makinta, idan jimilla ta kai wani mizani, wanda a tsarin asali 5 ne, sai a jefa saƙon gefe. A cikin dokokinta akwai wadda ake kira `SUBJ_ALL_CAPS`, ta taken da aka rubuta duka da manyan baƙaƙe, akwai kuma jerin dokoki na musamman kan saƙonnin da suka yi kama da damfarar biyan kuɗi tun gaba. Taken farko na ɗan kasuwarmu ya fara tara maki tun kafin a duba cikinsa.

Sai dai kada a wuce gona da iri a nan. Ana yawan yaɗa jerin kalmomin da wai duk wanda ya sa su saƙonsa ya halaka, kamar kalmar kyauta ko rangwame. Manyan matatun yau sun fi duba tarihin mai aikowa: ko adireshin nasa ne da gaske, ko mutanen da ya aika wa a baya sun amsa, ko kuwa sun yi ƙorafi. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa. Gmail yana so ƙorafin da ake yi kan mai aikowa ya kasance ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari, wato ƙasa da mutum 3 cikin 1,000. Kalma ɗaya ba ta cika kashe saƙo ita kaɗai ba. Abin da ke kashe shi shi ne mutanen da taken ya ɓata wa rai har suka danna `Report spam`, domin kowane dannawa yana rage darajar adireshin, kuma saƙon gobe ne zai biya bashin na yau. Kenan alƙali na biyu, wato mutum, shi ne ke koya wa na farko hukunci. Wanda ya rubuta take domin mutum ya riga ya yi rabin aikin gamsar da na'ura.

Ɗan kasuwarmu ya fahimci wannan, sai ya gyara:

```
Best quality hibiscus at unbeatable price
```

Wannan ya fi na farko, ko ba komai an ambaci zoɓo. Amma muryar talla ce. Duk mai sayarwa yana cewa kayansa ne mafi kyau, farashinsa ne mafi sauƙi, don haka kalmomin ba su ɗauke da wani labari. Mai saye ba ta da hanyar tabbatar da su daga inda take zaune, kuma ta saba ganin irinsu daga ƙasashe goma. Sannan tun 2013 Gmail yake raba akwati gida-gida, saƙon da ya yi kama da talla yakan faɗa ɓangaren `Promotions`, inda mutane ke leƙawa in sun ga dama. Ga gwajin da nake ganin ya fi kowane amfani: shin za a iya aika wannan take, ba tare da canza ko harafi ɗaya ba, ga kamfanoni 1,000? Idan amsar e ce, mai karɓa ma ta san haka, kuma za ta ɗauka cewa ita ɗaya ce daga cikin dubun.

Tarkon son sani

A nan ne mutum kan faɗa hannun masu koyar da dabarun talla, su ce masa sirrin shi ne ya tayar da sha'awar sani. Kada ya faɗi abin da ke ciki, ya bar mai karɓa cikin ɗoki. Sai ya fito da irin waɗannan:

```
Quick question
You won't believe this price
Re: your order
```

Dabarar tana da tushe. A 1994 George Loewenstein na jami'ar Carnegie Mellon ya bayyana cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya lura da giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake so ya sani, kuma giɓin yana damunsa har sai ya cike shi. Amma a wannan jami'ar dai, a 2011, Jaclyn Wainer da Laura Dabbish da Robert Kraut suka gwada abin a kan imel. Sun ga cewa take mai ɓoye wani abu yana jan hankali idan mutum ba shi da aiki da yawa, amma idan saƙonni suka yi masa yawa, tasirin son sanin yana raguwa. Yanzu a tambayi kai: matar da ke saya wa kamfani kaya, safiyar Litinin, a wane hali take? Wanda kake nema da saƙon baƙo kusan kullum mai aiki ne da yawa, domin shi ya sa yake da abin da kake nema.

Masu wannan dabara suna son kawo misalin yaƙin neman zaɓen Barack Obama na 2012, inda saƙon neman gudummawa mai take `Hey` kawai ya zama cikin waɗanda suka yi fice. Gaskiya ne, amma waɗanda aka aika wa magoya baya ne da suka ba da adireshinsu da kansu, kuma sunan da ke saman saƙon na shugaban ƙasarsu ne. Sunan ne ya yi aikin. Baƙo daga Dawanau da ya rubuta `Hey` ba shi da wannan jarin.

Na uku a jerin, `Re: your order`, ya wuce dabara, ƙarya ce. Alamar `Re:` tana nufin amsa ce ga maganar da aka riga aka fara, kuma babu odar da aka yi. Za a buɗe, babu shakka, watakila ma da sauri. Amma abu na farko da matar za ta sani game da wannan mutum shi ne ya yaudare ta domin daƙiƙa biyar na lokacinta. Shi kuma abin da yake nema a ƙarshe shi ne ta amince ta tura dubban daloli zuwa ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba, kan kayan da ba ta gani ba. Ban ga yadda cinikin da ya ginu kacokan kan amana zai fara da wannan ba. Bayan haka doka ma ta hana. Dokar Amurka ta 2003 da ake kira CAN-SPAM ta haramta take mai yaudara a saƙon kasuwanci, ta kuma wajabta a sa adireshin gidan waya na gaskiya da hanyar da mutum zai ce a daina aiko masa.

Bambancin take mai jan hankali da take mai yaudara ba ya cikin taken kansa, yana cikin abin da ke biyo baya. Kowane take alkawari ne. Idan jimloli biyu na farko na saƙon sun cika alkawarin, take ne na gaskiya ko da ya tayar da sha'awa. Idan mai karɓa ya buɗe ya tarar da wani abu dabam, ko ƙasa da abin da aka sa masa rai, tarko ne ko da an rubuta shi da ladabi. `Quick question` da ke buɗewa kan sakin layi shida na talla ya karya alkawari sau biyu: ba tambaya ba ce, kuma ba gajeriya ba ce.

Yadda ake gina na gaskiya

Aikin yana farawa ne kafin rubutu. Ɗan kasuwarmu ya koma shafin kamfanin ya karanta da kyau. Ya ga ƙaramin kamfani ne, ba zai sayi kwantena daga baƙo a karon farko ba, kuma kamfanonin shayi sai sun ga samfur, sun duba launi da tsami da tsabta, kafin su yi maganar farashi. Saboda haka abin da zai roƙa a saƙon farko ƙarami ne: izinin aika samfur. Daga nan take ya samu ƙafafunsa uku: abin da ke hannunsa, abin da yake so a yi, da alamar cewa ya san wadda yake yi wa magana. Ya rubuta:

```
Dried hibiscus from Jigawa, sample for your berry blend
```

Wato busasshen zoɓo daga Jigawa, samfur domin shayinku na 'ya'yan itatuwa. Babu ƙarya, babu kirari, kuma ba za a iya aika shi ga kamfanoni 1,000 ba, domin ba duka ke da wannan shayin ba. Matsalarsa tsawo. Haruffa 55 ne idan aka haɗa da tazara, alhali waya takan nuna kimanin 30 zuwa 40 ne ta yanke sauran, gwargwadon girman fuskarta da manhajar da ake amfani da ita. Idan aka yanke a wajen 35, abin da zai rage shi ne zoɓo da Jigawa da samfur, sashen da ke nuna an san kamfanin ya ɓace. Kuma Jigawa, duk da ita ce cibiyar noman zoɓo a wurinmu, mai yiwuwa sunan bai ce wa matar komai ba tukuna. Sai ya sake jerawa, ya kawo mafi nauyi gaba:

```
Hibiscus sample for your berry blend
```

Kalmomi 6, haruffa 36. An rubuta shi yadda abokin aiki zai rubuta wa abokin aiki: babban harafi a farko kawai, babu alamar motsin rai, babu ɗan hoton murmushi ko na wuta. In ya san ainihin sunan da kamfanin ya raɗa wa shayin, ya sa shi a madadin kalmomi biyun ƙarshe, domin ganin sunan kayanta a akwatinta ya fi ganin sunanta tasiri. Sunan mutum kowace manhajar aika saƙon dubbai tana iya liƙa shi a take, kuma mutane sun gane haka. Sunan shayin kuwa sai wanda ya duba.

To ina Jigawa da Nijeriya suka tafi? Ba a ɓoye su ba, sun koma layin farko na saƙon, wanda waya ke nunawa a ƙarƙashin take. Mutane da yawa suna ɓarnatar da wannan fili da fatan cewa saƙon ya same ka lafiya. Gara bayan sunan matar a shiga magana nan take, da jimla mai cewa sabon amfanin bana ne, cikakken fure, daga Jigawa a Nijeriya, an tankaɗe, zai kasance a shirye a watan Janairu. Take da layin farko su zama kamar magana ɗaya da aka raba biyu, kada na biyu ya maimaita na farko.

Ina da ra'ayi mai ƙarfi kan ɓoye sunan ƙasa, domin na san akwai masu ba da wannan shawara. Kuskure ne. A kasuwar zoɓo asalin kaya yana cikin siffofinsa, masu saye sun san Nijeriya da Sudan da Masar a matsayin tushe, kuma Meziko, inda ake shan zoɓo sosai, ta daɗe tana sayen na Nijeriya. Abin da ke tsorata mutane shi ne Nijeriya haɗe da tayi marar suna. Nijeriya haɗe da sunan kaya da adadi magana ce ta 'yan kasuwa. Shi ya sa idan ɗan kasuwarmu zai rubuta wa babban mai shigo da kaya, wanda kwantena-kwantena yake saye, taken zai canza gaba ɗaya:

```
Nigerian hibiscus, new crop, 12 MT FOB Lagos
```

Zoɓon Nijeriya, sabon amfani, tan 12, farashi har a ɗora a jirgi a Legas. Ga wanda ba ɗan harka ba wannan layi busasshe ne. Ga mai shigo da kaya kuwa ya amsa tambayoyi huɗu da zai yi kafin ya yi su, kuma gajerun kalmomin nan na sana'a suna shaida masa cewa mai rubutun ya san aikin. Kaya ɗaya ne, mai sayarwa ɗaya, amma take biyu, domin buƙatar masu karɓar ba ɗaya ba ce. Sharaɗi kawai shi ne tan 12 ɗin su kasance akwai su. Adadin da aka ƙara masa gishiri a take zai tonu a saƙo na uku.

Akwai abin da ya fi duk wannan ƙarfi in an same shi: sanayya ta gaskiya. In wani wanda matar ta sani ne ya ba da adireshinta kuma ya yarda a ambace shi, sunansa ya zo a farkon take. In an haɗu a baje koli, kamar Gulfood a Dubai ko Anuga a birnin Kolon na Jamus, a faɗi haka. A nemi izini kafin a sa sunan wani, domin abu na farko da mai karɓa zai yi shi ne ya tambaye shi.

Idan aka ji shiru

A ce an aika, mako ya wuce, babu amsa. Kafin a ɗora wa take laifi, a tabbatar saƙon yana isa. Hanya mai sauƙi ita ce mutum ya aika irinsa zuwa wasu adiresoshi nasa ko na 'yan'uwa a Gmail da Outlook da Yahoo ya ga inda ya faɗa. A Gmail na kwamfuta, a buɗe saƙon a zaɓi `Show original`. Za a ga `SPF` da `DKIM` da `DMARC`, hanyoyin da ake tabbatar da cewa saƙon daga adireshin da ya ambata ya fito. In an ga `PASS` lafiya. In an ga `FAIL`, matsalar tana wurin saitin adireshin kamfanin, kuma wanda ya kafa shi ne zai gyara, canza take sau ɗari ba zai amfana ba. A kuma duba sunan da ke fita a sama. Cikakken suna da sunan kamfani, daga adireshi mai ɗauke da sunan kamfanin, ya fi laƙabi da lambobi a adireshin kyauta nesa ba kusa ba. Take mai kyau a ƙarƙashin suna mai ban shakka ba ya zuwa ko'ina.

Wasu suna amfani da manhajojin da ke nuna musu wai an buɗe saƙo. Suna aiki ne ta hanyar ɓoye wani ɗan hoto da ido ba ya gani, in aka sauke shi sai a ƙirga an buɗe. Tun watan Satumban 2021, da Apple ya kawo kariyar sirri a manhajar imel ɗinsa, ana sauke waɗannan hotuna ko mutum ya buɗe ko bai buɗe ba, ga kuma na'urorin tsaro na kamfanoni da ke buɗe saƙonni su bincika. Lissafin buɗewa ya zama marar tabbas, kuma yana jan mutum zuwa ga taken yaudara, tunda su ne ke ɗaga wannan lissafin. Abin ƙirgawa shi ne amsa, har da amsar da ta ce a'a, domin ita ma shaida ce an karanta an ɗauke ka mutum.

A yi hattara kuma da gwaji kan mutane kaɗan. In aka aika take ɗaya ga mutum 20 aka samu amsa 3, wani take ga wasu 20 aka samu 2, bambancin mutum ɗaya ne, wanda watakila yana hutu ne a makon. Masu gwada take da lissafi suna yi ne da dubban adiresoshi. Ɗan kasuwa mai jerin kamfanoni 40 ya fi cin riba in ya sa lokacin wajen karanta shafin kowane kamfani.

Wurin da mai karɓa yake ma yana da hukunci. Amurka ta yarda da saƙon kasuwanci ga wanda bai nema ba matuƙar an cika sharuɗɗan da aka ambata. Kanada, tun dokarta ta 2014, ta fi tsanani kan neman yarda tukuna. A Jamus, wadda ke cikin manyan masu sayen zoɓo domin shayi, dokar hana gasar da ba ta dace ba tana buƙatar yardar mai karɓa kafin a aika masa talla ta imel, ko da kamfani ne. A irin waɗannan wurare hanyar shiga ita ce baje koli, ko gurbin da kamfanin ya tanada a shafinsa domin masu son kawo masa kaya, ko wanda zai gabatar da kai.

In saƙon yana isa, kuma doka ba ta hana ba, a bari kamar mako ɗaya sannan a tuna wa matar. A yi hakan ta hanyar amsa saƙon farko, ba sabon saƙo ba, domin ta ga duka a wuri ɗaya. A wannan karon `Re:` da zai fito gaskiya ne, manhaja ce ta sa shi. Tunin ya zo da sabon abu guda, misali sakamakon gwajin danshin kayan, ko cewa takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace amfanin gona za ta biyo kayan, maimakon tambayar ko an ga saƙona. Bayan tuni na biyu a dakata. Na uku da na huɗu su ne ke sa mutumin da ya yi shiru kawai ya danna maɓallin ƙorafi, kuma adireshin da za a ɓata shi ne wanda za a buƙata a kaka mai zuwa, lokacin da sabon zoɓo ya shigo kuma akwai dalilin gaskiya na sake rubuta wa kamfanin.